Alamar Buɗaɗɗiyar Batta Da Wa'adin Man Shafawa A Kasuwannin Jos

Jos, Jihar Filato

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a kan tsaunukan Filato, daga watan Nuwamba zuwa na Fabrairu, cinikin man shafawa yakan buɗe a birnin Jos fiye da kowane lokaci a cikin shekara. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, sanyinsa kuwa sananne ne a duk faɗin ƙasar nan, saboda haka kaushi da faso da tsagewar leɓe sukan tilasta wa kowane magidanci ya ware wani abu daga cikin kuɗin cefane domin sayen mai. A daidai wannan lokaci ne kuma ake yawan bukukuwan aure da na ƙarshen shekara, ga haɗa lefe, ga kwalliyar amare. 'Yan sari sukan cika shagunansu, 'yan tebur su baje, har da masu turawa a baro.

Sai dai akwai wata 'yar alama a jikin da yawa daga cikin waɗannan kaya wadda mai saye da mai sayarwa ba kasafai suke tsayawa su dube ta ba. Zanen batta ne wadda aka ɗage murfinta, a cikinta ko a gefenta an rubuta lamba da harafi, kamar 6M ko 12M ko 24M. Wannan ɗan zane yana da hannu a kan lafiyar fatar mai shafawa, yana kuma da hannu a kan jarin ɗan kasuwa.

Asalin alamar daga ƙasashen Turai ne. A shekarar 2003 Tarayyar Turai ta yi wa dokarta ta kayan kwalliya gyara, aka kuma soma aiki da gyaran a watan Maris na 2005. Dokar da ta gaje ta, mai lamba 1223 ta shekarar 2009, ta ci gaba da wannan tsari. Ƙa'idar ta raba kaya gida biyu. Duk abin da zai iya lalacewa cikin wata 30 ko ƙasa da haka, ko da ba a buɗe shi ba, wajibi ne a rubuta masa ranar ƙarewar wa'adi, wani lokaci tare da zanen agogon rairayi. Wanda kuwa zai wuce wata 30 a rufe, ba dole ba ne a sa masa rana, amma dole a nuna watanni nawa zai yi bayan an buɗe shi. Harafin M yana nufin wata, saboda haka 12M na nufin wata goma sha biyu daga ranar da aka fara cire murfi. An ɗauke wa wasu kaya wannan nauyi, alal misali turaren feshi na gwangwani wanda iska ba ta shiga cikinsa, da kuma abin da ake amfani da shi sau ɗaya a yar.

A nan gida kuwa, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, wato NAFDAC, wadda aka kafa da doka ta 15 ta shekarar 1993, ita ce ke da alhakin sa ido a kan kayan kwalliya. Ƙa'idojinta sun bukaci a rubuta sunan kamfanin da ya yi kaya da adireshinsa, da jerin abubuwan da aka haɗa, da lambar rukunin da aka sarrafa tare, da ranar yi, da ranar ƙarewa, da lambar rajistar hukumar. Wannan ya sa robar mai guda ɗaya a kan teburin ɗan koli a Titin Ahmadu Bello takan zo da wa'adi iri biyu. Akwai ranar da ke bin haruffan EXP, wadda ke magana a kan kayan da ke rufe kamar yadda suka baro masana'anta, akwai kuma buɗaɗɗiyar batta, wadda lissafinta ba ya farawa sai an buɗe. Wanda ya riga cika a cikin biyun shi ne abin bi.

Dalilin wa'adi na biyu

Kafin a fahimci abin da ya sa buɗe murfi ke rage wa mai kwana, sai an san abin da ke cikin robar. Mafi yawan mayukan shafawa masu laushi, farare, waɗanda fata ke shanyewa nan da nan, ruwa ne ya fi yawa a cikinsu, sau da yawa fiye da rabi. Idan aka duba jerin kayan haɗi, wanda ake rubutawa daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, kalmar farko takan kasance Aqua, wato ruwa ke nan. An gauraya ruwan da mai, aka sa wani sinadari da ke hana su rabuwa, sannan aka ƙara abubuwa irin su gilisarin da tatattun tsirrai, wani lokaci har da zuma ko madara. A wurin ƙwayoyin cuta da fumfuna wannan haɗi abinci ne da abin sha a wuri guda. Idan ƙwayar cuta ta sami ɗumi da abinci yadda take so, tana iya rabuwa biyu cikin rabin sa'a, kuma a kan wannan lissafi ƙwaya ɗaya za ta haura miliyan guda cikin sa'a goma.

Abin da ke hana haka faruwa shi ne sinadarin hana lalacewa da ake sawa ɗan kaɗan. Waɗanda suka fi yaɗuwa su ne dangin faraben, da finoksi-itanol, da gishirin benzowet, da na sobet. Adadinsu yana da iyaka a doka. A Turai ba a yarda finoksi-itanol ya wuce kashi 1 cikin 100 ba. Faraben na metil ko na etil iyakarsa kashi 0.4 cikin 100 ne idan shi kaɗai ne, ko 0.8 idan an haɗa iri-iri. Ke nan a cikin robar mai mai nauyin giram 400, abin da ke tsaron ta bai wuce giram uku ko huɗu ba, ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi.

Kamfanin da ya san aikinsa ba ya sa wannan adadi da ka. Yana yin gwajin da ake kira na ƙalubale, inda ake ɗibar samfurin man a zuba masa ƙwayoyin cuta da gangan, dubu ɗaruruwa a cikin kowane giram. Iri biyar ake amfani da su bisa ma'aunin duniya: ƙwayoyin cuta uku, ciki har da sudomonas da wadda ke haddasa maruru, da yis ɗaya, da fumfuna ɗaya. Sai a ajiye, a ƙirga abin da ya rage a rana ta 7 da ta 14 da ta 28. Ana son a ga ƙwayoyin cutar sun ragu ninki dubu cikin makon farko, kuma ba su sake tasowa ba. Daga sakamakon wannan gwaji, da gwajin jure zafi, da kuma irin mazubin da za a sa man, kamfani yake yanke shawarar lambar da zai rubuta a cikin batta.

To, sinadarin ba ya dawwama. Duk sa'ad da aka tsoma yatsa a cikin roba an zuba mata sababbin ƙwayoyi daga fata da ƙarƙashin farce, kuma wani ɓangare na sinadarin yana tafiya wajen kashe su. Wani yana ƙafewa, wani roba tana tsotse shi, wani kuma zafi yana rusa shi a hankali. Shi ya sa man da ke cikin roba mai faɗin baki yakan zo da gajeren wa'adi fiye da irinsa da ke cikin kwalba mai famfo, wadda hannu ba ya shiga cikinta. Masu sayen kaya da yawa sun fi son roba mai faɗin baki domin ana iya suɗe ta ƙarƙaf, kuma ba a ce ba su da hujja ba a wannan zamani na tsada, amma ita ce ta fi saurin gurɓata.

Ya kamata a ce wani abu game da faraben, domin tallar kayan da aka rubuta wa cewa babu shi a ciki ta cika kasuwa. Tsoronsa ya samo asali ne daga wani bincike da aka buga a Birtaniya a shekarar 2004, wanda ya sami ɓurɓushinsa a cikin ƙullutun sankarar mama guda 20. Binciken bai nuna cewa shi ne ya haddasa cutar ba. Daga baya, a 2014, Turai ta haramta iri biyar daga cikin danginsa, ta rage adadin wasu biyu, ta bar na metil da na etil. Wani abin lura shi ne, ɗaya daga cikin sinadaran da kamfanoni suka koma wa a lokacin da suke gudun faraben ya haddasa ƙaiƙayi da borin fata ga mutane masu yawa, har aka hana sa shi a mayukan da ake bari a jiki daga shekarar 2017. Saboda haka rubutun "babu faraben" bai isa shaidar inganci ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce, idan akwai ruwa a cikin man, mene ne ke tsaron sa?

Kwali ɗaya, masu saye uku

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa da ya saro kwali ɗaya na man shafawa mai roba 24. A jikin kowace roba an buga MFG 03/2024, wato an yi shi a watan Maris na 2024, da EXP 02/2027, sannan ga batta mai 12M.

Wata mata ta sayi roba ɗaya a watan Nuwamba na 2025, ta buɗe a farkon Disamba. Wata goma sha biyunta zai cika a farkon Disamba na 2026, kafin ranar da ke jikin roba ta zo. A wurinta batta ce ke da hukunci, kuma watanni ukun da suka rage a kan EXP ba nata ba ne. Wata kuma ta saya ta buɗe a farkon Oktoba na 2026. Batta ta ba ta har Oktoba na 2027, amma ranar ƙarewa ta tsaya a ƙarshen Fabrairu na 2027, ke nan wata biyar kawai take da shi, ko da yake kuɗin da ta biya daidai yake da na ta farko.

Ta uku ita ce wadda aka fi cuta. Akwai roba ɗaya da mai shago ya buɗe tun watan Janairu na 2025 domin masu saye su sunsuna ƙanshi, wasu har su lakata su gwada a bayan hannu. Da kaya suka yi ƙasa, sai ya goge bakinta ya mayar da murfi ya jera ta cikin sauran, aka saye ta a watan Yuni na 2026. Ranar da ke jikinta ta nuna saura wata takwas, alhali wa'adinta na gaskiya ya wuce tun wata biyar baya, ga kuma yatsun mutane da ba a san adadinsu ba. Abin da zai fallasa irin wannan roba shi ne rufin ciki, wato 'yar takardar gwangwani ko ledar da ake liƙe bakin da ita daga masana'anta. Idan babu shi a robar da 'yan'uwanta ke da shi, ko an ga alamar an ɗaga an mayar, ko saman man ba a shafe yake sumul ba, to an riga an fara cinye wa'adin batta.

Irin wannan na faruwa a gidajen biki ba tare da kowa ya yi nufin cuta ba. Ana soma tara kayan lefe wata shida ko shekara kafin aure, ranar da aka kawo kuma 'yan ganin lefe sukan buɗe mayuka da kayan kwalliya ɗaya bayan ɗaya suna dubawa. Amarya ta tare da robobi goma ko fiye, duk an buɗe su rana guda, ita kuwa ba za ta iya gama ko da rabinsu cikin shekara ba. Abin da ya fi shi ne a bar su a liƙe, ta riƙa buɗe ɗaya sai ta ƙare, ta fara da wadda ranarta ta fi kusa, kuma ta rubuta watan da ta buɗe a gindin robar da biro, domin ba wanda ke iya tuna wannan bayan wata takwas.

Ta fuskar ɗan kasuwa kuma lissafin ba shi da wuya. A ce ya sari kowace roba Naira 3,000 yana sayarwa 3,600, kuɗin kwali ya kama Naira 72,000. Sai ya sayar da roba 20 kafin uwar kuɗinsa ta dawo, ribarsa duka tana cikin huɗun ƙarshe. Idan huɗu suka kwana har wa'adi ya ci su ya yi aikin banza, idan biyar ne ya yi asarar Naira 3,600. Wannan ne ke jefa wasu cikin jarabar kankare rana ko liƙa sabuwar takarda a kan tsohuwa, laifin da hukuma ke kama kaya a kansa. Maganin tun daga wurin sari yake. Kayan da aka karya wa farashi ƙwarai a wurin dila sau da yawa wa'adinsu ne ya matso, kuma man da ya rage wata huɗu a watan Maris, sa'ad da sanyi ya wuce ciniki ya ja baya, ba araha ba ne komai ragin da aka yi. A shago kuma sai a jera mai kusan ƙarewa a gaba, sabon sari a baya.

Rana da ajiya

Duk ranakun da aka buga an buga su ne bisa sharaɗin an ajiye kaya a inuwa, wuri mai sanyi-sanyi. A wannan fanni Jos ta fi Kano da Sakkwato sa'a, domin ɗakin ajiya a nan ba ya ɗaukar irin zafin da ake gani can a watan Afrilu. Amma tun da gobara ta cinye Babbar Kasuwar Jos da ke Taminus a watan Fabrairu na 2002, kasuwar da aka buɗe a 1985, dubban 'yan kasuwa suka koma bakin titi da rumfunan kwano da kan tebura, kuma kayan shafe-shafe da dama sukan yini a fili. Ranar tudu tana da kaifi ko da iska na da sanyi. Robar da ta yini a rana ta kwana cikin sanyin dare tana faɗaɗa tana tsukewa kullum, kuma wannan sauyi yana daga cikin abubuwan da ke raba ruwa da mai. Masana haɗa sinadarai suna da wani ƙiyasi cewa ƙarin zafi na digiri goma yana ninka saurin lalacewa kusan sau biyu. A kan haka ne masana'antu ke ajiye samfuri a digiri 40 zuwa 45 na tsawon wata uku domin su hango yadda zai kasance bayan kimanin shekara biyu. Ke nan robar da ta yi watanni tana shan rana a kan tebur, ko a bayan gilashin mota, ta tsufa fiye da abin da takardarta ke faɗa. Kwalin da launinsa ya koɗe ta gefe ɗaya yana ba da labarin inda ya zauna.

Da damina kuma, musamman a Yuli da Agusta lokacin da hazo da yayyafi ke yini a garin, matsalar laima ce. Hoda da busassun kayan kwalliya, waɗanda bushewarsu ce kariyarsu, sukan tsotsi danshi su dunƙule, soson shafa hoda da aka mayar cikin gwangwani da jiƙa kuma yakan yi fumfuna.

Masu haɗi

Wurin da aka fi karya ƙa'idar sinadaran nan shi ne sana'ar haɗa mai, wadda ta bunƙasa a Jos kamar sauran birane. Mai haɗi takan sayi babbar roba ta kamfani, ta juye a kwano, ta ƙara wasu abubuwa, ta ɗura a ƙananan robobi ta sayar. A koma ga robar nan mai giram 400, a ce finoksi-itanol ɗin da ke ciki kashi 0.8 ne cikin 100, wato giram 3.2. Idan aka ƙara ruwan alobera giram 150 da zuma giram 50, nauyi ya koma giram 600, amma sinadarin yana nan a giram 3.2, ƙarfinsa ya faɗo zuwa kashi 0.53. An rage mai gadi da sulusi, an ƙara wa ƙwayoyin cuta abinci, an kuma shigo da waɗanda ke cikin kwano da cokali da ganyen da aka tatsa.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta adadi ba. Benzowet da sobet ba sa aiki sai mai yana da ɗan tsami. A ma'aunin tsami, idan lamba tana kan 4.2 rabin benzowet ne ke cikin siffar da ke kashe ƙwayoyi, idan ta hau zuwa 6 abin da ke aiki bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Ɗan sabulun salo ko kanwa da aka jefa cikin haɗi ya isa ya ɗaga lambar, sinadarin yana ciki amma ya zama hoto. Irin wannan haɗi ba shi da batta, ba shi da rana, kuma alamar 12M da ke jikin robar asali ta daina aiki tun daga lokacin da aka juye. Haɗin gida mai ruwa a ciki wanda ba a sa masa sinadari ba kwanakinsa kaɗan ne, ko da a cikin firiji. Wannan kuwa ban da batun magungunan sauya launin fata da ake zubawa a irin waɗannan robobi, wanda NAFDAC ta ayyana a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a shekarar 2023.

Man kaɗanya da basilin da man kwakwa hukuncinsu daban ne. Tun da babu ruwa a cikinsu, ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin yaɗuwa, shi ya sa iyayenmu suke ajiye man kaɗe a ƙwarya ba tare da wani sinadari ba. Abin da ke kama man tsirrai shi ne iska da haske, waɗanda ke sauya shi a hankali har ya soma warin tsohon man suya, ya yi ɗanko. Bitamin E da wasu ke sawa yana jinkirta wannan, amma ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, kuma masu sa shi a haɗi mai ruwa suna zaton sun sa kariya sun yi kuskure. Man kaɗanyar da ba a dafa ruwansa ya ƙone sarai ba, ko wanda ake ɗiba da jiƙaƙƙen hannu daga wanka, yana iya yin ɗigon fumfuna baƙi ko kore.

Abin da ido ke gani da wanda ba ya gani

Alamomin lalacewa na fili ba su da wuyar ganewa. Mai ya rabu, ruwa-ruwa ko mai-mai yana kwance a sama, kuma ko an girgiza ya sake rabuwa. Ya tsinke bayan da yana da kauri, ko ya yi gudaji. Ƙanshi ya gushe, tsami ko ɗoyi ya maye gurbinsa. Roba ta kumbura ko ta yi tsaki idan an buɗe, alamar wani abu mai rai yana fitar da iska a ciki. Launi ya juya: man da ke da bitamin C yakan tashi daga fari zuwa rawaya zuwa ruwan ƙasa, haka ma mai ɗauke da haidirokwinon yakan yi duhu, musamman a bakin murfi. Jan baki yakan yi gumi ya soma warin kakin da ya tsufa. Sannan akwai shaidar jiki: man da aka saba da shi lafiya ya fara raɗaɗi ko ƙuraje.

Iyakar waɗannan alamomi ita ce sukan makara. Ma'aunin duniya bai yarda a sami ƙwayoyi fiye da 1,000 a giram ɗaya na kayan kwalliya ba, a kayan ido da na yara 'yan ƙasa da shekara uku kuwa iyakar 100 ce. Hanci da ido ba sa farga sai adadin ya kai miliyoyi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Aston ta Birtaniya, aka buga a 2019, ya duba kayan kwalliya 467 da mata ke cikin amfani da su, ya sami ƙwayoyin cuta a kashi 79 zuwa 90 cikin 100, gwargwadon irin kayan, sosunan shafa kwalliya ne kuma suka fi ƙazanta. Man kare fata daga rana, wanda zabiya suka dogara da shi, shi ma yana iya rasa ƙarfinsa alhali kamanninsa da ƙanshinsa suna nan. A irin waɗannan kaya rana da batta ne kaɗai abin dogaro.

Inda hatsarin ya fi tsanani shi ne ido. Tun a shekarun 1970 likitocin ido a Amirka suka ba da rahoton matan da suka sami gyambon baƙin ido saboda maskara da sudomonas ta gurɓata. Yadda abin ke faruwa shi ne, burushin ya kuskure ya karci ido kaɗan, ƙwayar ta shiga ta wurin, kuma tana iya cin baƙin ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa ake shawartar a yar da maskara bayan kimanin wata uku da buɗewa, kuma idan ta bushe kada a farfaɗo da ita da ruwa, balle yawu. Masu sana'ar kwalliyar amare, waɗanda kan yi wa mata goma ko ashirin ado da burushi ɗaya a ranar Asabar guda, su ne wannan ya fi shafa. Akwai burusan da ake amfani da su sau ɗaya a yar, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da ake biya na kwalliyar amarya. Duk wadda ta ji ciwo da ja da hawaye da tsoron haske bayan ta sa wani abu a ido, asibiti ya kamata ta nufa a ranar, ta kuma tafi da abin da ta sa domin likita ya gani.

Kwalli na dutse ba ya cikin wannan lissafi, domin ba ya ruɓewa kuma ba shi da wa'adi. Matsalarsa dalma ce. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amirka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, aka bi diddigi har zuwa tozalin da aka kai daga Nijeriya ana sa masa, wanda awo ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.